Injin Banki, Shinkafar Rekiya

Shekara goma sha huɗu Ladan ya yi a Jidda, kafin wani samamen marasa takardar zama ya rutsa da shi, aka sako shi jirgi. Ya dawo Zurmi da jaka ɗaya da Larabci fal bakinsa. Ya kama ɗan shago kusa da tasha, yana sayar da turare da dabino da jallabiya. In wani tsohon abokin aikinsa ɗan Yaman ya kira shi a waya, har masu shayi kan yi shiru su saurara, don Larabcin na zuba ne ba gargada.

Abin da mutane ba su sani ba, Larabcin nan na sito ne da kasuwa. Da shi ya ɗauki katan-katan na kaya, da shi ya yi faɗa da direbobi, da shi ya roƙi masu gidan haya su ƙara masa mako. Karatu kuwa, na allo ya yi. Yana karanta Alƙur'ani saboda akwai wasali, amma a ba shi rubutun da babu wasali, sai ya yi ta haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya, ya gane kalma nan, uku su wuce shi. Bai taɓa cewa ya iya ba. Bai kuma taɓa cewa bai iya ba.

Yayarsa Rekiya a Kaura Namoda take. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita kuma ta sayar da tumakinta ta cika masa kuɗin jirgi a wancan lokacin. Sana'arta shinkafa: ta sayo shanshera daga Shinkafi, wato wadda ba a cashe ba, ta turara, ta kai injin wasu a cashe, ta auna wa 'yan kasuwa. Shekara ashirin tana bin layi a injin mutane. Bayan kaka ta kira shi ta ce ya zo, akwai takardar da zai duba mata.

Ya same ta a tsakar gida, an shimfiɗa tabarma, ga fura a kwano. Ta fito da wata jakar leda daga ɗaki, ta zaro takardu kashi biyu, na inji da na shanshera.

"Bankin nan da ba shi amsar kuɗin ruwa, na Gusau," ta ce. "Za su ba ni injin casa da listar da ke juya shi, kuma su sawo min shanshera buhu ɗari. Wai kuɗin daga Larabawa sunka hito, shi ya sa kowace takarda akwai ta Turanci, akwai ta Larabci. Yarinyar da ke wurin ta ce in zauna ta karanta min da Hausa. Na ce mata a'a, ɗiyata, kar ki wahala, ƙanena shekara goma sha huɗu ya yi ƙasa mai tsarki. Ba ni na Larabcin."

Ta faɗi haka tana murmushi. Ladan ya karɓa da hannu biyu.

Shafi goma sha ɗaya ne kashi na farko, na biyu bakwai. Rubutu ƙanana, a cushe, babu wasali ko ɗaya. Ya bi layin farko da yatsa, ya gane sunan Allah, ya gane sunan Rekiya, daga nan sai ya ji kamar ya taka rami a duhu. Kalmomin ba irin waɗanda ake faɗa a sito ba ne. Nan ne ya kamata ya ajiye takardar. Ya ɗago kai da niyyar magana, sai ya ga yadda ta zuba masa ido, ta tallafi haɓa, kamar mai jiran wa'azi. Ya mayar da kai.

Lambobi dai ya iya su, don da su ya ƙirga kaya shekara da shekaru. Ya karanta mata kuɗin shanshera, da abin da banki ya ɗora a kai, da abin da za ta riƙa biya kowane wata. Duk suka yi daidai da abin da aka gaya mata a Gusau.

"Ka gani?" ta ce. "Ni na san ba ni da damuwa."

A saman ƙaramar takardar ya haɗa kalmar murabaha. Ya san tushenta, daga riba take, ribar ciniki. A saman babbar ya ga ijara, ya tsaya, don ya san ijar, kuɗin hayar da mai gida kan zo karɓa. Amma a ƙarshen layin akwai wata kalmar da ya sani, tamlik, wadda ya sha gani a jikin sababbin benaye na sayarwa. Mallaka ke nan. Tsakanin haya da mallaka, ya zaɓi wadda ya ga za ta fi yi wa yayarsa daɗi.

"Injin naki ne, Yaya," ya ce. "Ga shi nan, tamlik. Biya ne kawai kaɗan-kaɗan."

"In ya lalace fa?"

Ya juya shafi biyu yana motsa leɓe. "Kayanki ne. Wa zai gyara miki kayanki?"

"Haka ne. To shansherar fa? In na matsu, ina iya saida ta haka nan ba a cashe ba?"

Wannan ma bai sani ba. Ya yi tunanin yadda banki ke riƙe abu, ya ce, "A'a. Wannan da kuɗinsu anka saye ta. Amana ce hannunki, sai dai ki cashe ki biya su."

Ta gyaɗa kai, ta tura masa kwanon fura. Bai sha da yawa ba. A motar komawa Zurmi ya yi ta gaya wa kansa cewa ai ba wani abu ba ne, banki ya san aikinsa, Rekiya kuma ba ta taɓa cin kuɗin kowa ba. Washegari ta je Gusau ta dangwala yatsa.

Aka kawo inji, aka kafa shi a wata rumfar kwano da ta gina bayan kasuwa. Ma'aikacin banki ya je Shinkafi ya sayi shanshera daga dillali, aka loda da sunan banki, sannan aka kira Rekiya aka sayar mata. Wata biyu komai lafiya. Har mata daga Kurya Madaro suna kawo mata casa a kan babura.

A wata na uku, ana tsakiyar aiki, listar ta yi wata ƙara ta tsaya. Aka ɗauko Abbati makanike daga Shinkafi, wanda duk yankin aka sani da gyaran irin waɗannan injuna. Ya kwance ta, ya ce karanshaf ne ya karye, sandar ƙarfen da ke juya injin gaba ɗaya, kuma da ya karye ya fasa cikin bulo, wato gangar jikin listar. Sai an sayo daga Kano, kuɗin kuma ya kusa rabin na sabuwar lista.

Rekiya ba ta gaya wa banki ba. A ganinta abin kunya ne, an ba ka abu wata biyu ka lalata. Kowane ƙarshen wata tana haɗa kuɗin inji ta aika, injin na kwance. Buhu hamsin na shanshera na jibge a ɗaki, farashinta na ta hawa a kasuwa, dillalai na zuwa suna taya mata, tana cewa ba tata ba ce. Ta gwada kai kaɗan-kaɗan injin wasu, amma masu injin da ta ƙwace wa kwastomomi sai su bar ta ƙarshen layi. A wata na uku da tsayuwar aiki ta sayar da filinta na hanyar tashar jirgin ƙasa, wanda ta yi shekara tara tana biyan adashe kafin ta saya. Aka gyara lista.

A waya ta gaya wa Ladan, ba da ƙorafi ba. Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ya ce amin, ya ce sannu, ya kashe wayar ya zauna cikin ƙamshin turarensa. Kalmar ijara ta dawo masa. Ya kore ta, ta sake dawowa.

Bayan mako uku ta sake kira. Banki zai turo mai duba inji ranar Talata, ita kuma watan jiya ta kasa biyan kuɗin shanshera. Ta ce ya zo ya tsaya mata, ko da za a yi maganar takarda. Ya ce hanya ba kyau. Ta ce ai da safe motoci na fitowa a jere. Ranar Talata da safe ya hau motar Kaura.

Mai duba injin Mardiyya ce, ita ce yarinyar da Rekiya ta ce kar ta wahala. Ba za ta wuce shekara talatin ba, siririya, da hijabi ruwan toka da jaka a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaida Rekiya, ta gaida Ladan, ta ba da haƙuri cewa tun wata uku da suka wuce ya kamata ta zo, ofis ya hana su bin hanyar saboda rashin tsaro. Ta zagaya injin tana duba lambar jikinsa. Da ta zo kan listar sai ta tsaya.

"Hajiya, wannan bulon ba shi ne muka kawo ba."

Rekiya ta sunkuyar da kai ta ba da labari, tun daga ƙarar har sayar da fili. Ta ƙare da cewa, "Amma ko wata guda ban fasa biyan na injin ba, ki duba littahinku."

Mardiyya ta nemi benci ta zauna, ta buɗe jakarta.

"Mama, wa ya ce ke za ki gyara?"

"Kayana ne. Wa zai gyara min?"

"Ba kayanki ba ne tukuna. Na banki ne." Ta zaro takardar, ta Larabci, ta karanta layin sama a sauƙaƙe kamar mai karanta wasiƙar gida. "Ijara muntahiya bit-tamlik. Haya ce wadda za ta ƙare da mallakawa. Banki ya sayi inji da kuɗinsa, ya ba ki haya wata talatin da shida. Abin da kike biya kuɗin haya ne. In kin cika, akwai alkawari daban a shafin ƙarshe, za a ba ki shi kyauta, ranar ne zai zama naki. Kafin ranar, banki ne mai shi, kuma duk abin da ke kan mai abu yana kan banki. Ke naki juyen baƙin mai, da bel, da shara, ƙananan abubuwan yau da kullum. Babban gyara irin wannan, in ba sakacinki ya jawo ba, na banki ne. Ga shi a sharaɗi na tara."

Ladan na tsaye jikin ginshiƙin rumfa.

"Akwai kuma na goma," Mardiyya ta ci gaba. "Haya kuɗin amfani ce. Idan abin haya ya tsaya ba da laifin ɗan haya ba, babu kuɗin haya har a gyara. Wata ukun nan da kika biya, bai kamata ki biya ba. Abin da aka nema gare ki kawai ki sanar da mu cikin kwana goma sha huɗu, kuma kada kowa ya kwance shi sai mun turo namu."

Rekiya ta zauna a kan buhu a hankali. Ta ce, "To shansherar taku fa? Ga saura can, ban taɓa saida ko tiya ba haka nan."

"Tamu? Mama, wannan ita ce taki." Mardiyya ta ɗauko ƙaramar takardar. "Wannan murabaha ce, ciniki ne. Mun saya a Shinkafi, ta shiga hannunmu, muka gaya miki nawa muka saya da ribar da muka ɗora, kika yarda, muka sayar miki. Daga ranar ta zama taki. Ki cashe, ki sayar haka nan, ki dafa ki ci, ba ruwan banki. Da ruwa ya jiƙa ta, asararki ce, da ta yi tsada, ribarki ce. Mu kuɗinmu kawai muke bi, kuma yadda aka yanka ranar farko haka zai tsaya. Watan da kika makara ma ba zai ƙara komai a kan bashin ba. Akwai ɗan abin da mai jinkiri da gangan ke bayarwa, sadaka ake kai shi, banki ba ya ci, wanda ya shiga matsi na gaskiya kuma ana ɗage masa."

"Ke nan," Rekiya ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "da na saida buhu hamsin ɗin can..."

Ba ta ƙarasa ba. Ladan ya san lissafin da take yi, don shi ma ya yi shi. Da kuɗin ya ɗauke ta watannin nan, da fili na nan. Da ma ba ta buƙaci ko ɗaya ba, waya ɗaya ce zuwa Gusau.

Sai ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi. Ladan ya san wannan tsayuwar tun yana yaro.

"Yarinya, ba wannan takarda kunka ba ni ba. Kun canza ta, ko kuma biyu gare ku. Tawa ƙanena ya karanta min ita baƙi-baƙi, ga shi nan tsaye, babu wanga zance ciki. Kun ga tsohuwa ba ta yi boko ba. Gobe ina Gusau, sai na ga manajanku, in ta kama in kai ku gaban alƙali."

Fuskar Mardiyya ta canza. "Mama, wallahi takarda ɗaya ce. Ɗauko taki a gwada." Ta ajiye takardar a kan benci. "Amma ni ma da laifina. Akwai wurin da ake sa hannu cewa an yi wa mutum bayani da harshensa. Na sa hannu, alhali kin ce in bari. In kika kai ƙara, abin da za a fara dubawa ke nan."

Rekiya ta aika gida aka ɗauko jakar ledarta. Ta zaro takardar ta danƙa wa Ladan. "Karanta mata. Karanta mata wurin da ya ce injin nawa ne."

Mardiyya ta dube shi, ta yi masa magana da Larabci, irin na makaranta, ta ce ya duba sharaɗi na tara. Ya amsa mata da na Jidda, da sauri, kafin ya yi tunani. Ya buɗe shafin, ya sami lamba tara. Ya ɗora yatsa. Baƙaƙen na nan yadda ya bar su. Ya haɗa kalmar farko, ya tsaya a ta biyu. Mardiyya ta ga inda yatsan ya tsaya, ta gane. Ta kawar da kai, ta ce da Hausa a hankali, "Larabcin takardun nan yana da wuya, ko Larabawa lauya suke kai wa."

Ƙofa ce ta buɗe masa, ya gani. Yana iya cewa idonsa ne, ko ya ce ranar gaggawa yake yi. Amma yarinyar nan aikinta ne a kan layi, ga shi kuma tana rufa masa asiri.

"Yaya," ya ce, "ba su canza komai ba. Ni ne ban karanta ba."

"Kamar yaya ba ka karanta ba? Gabana ka karanta."

"Lamba na karanta. Sauran ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba. Magana na iya, ita ma ta 'yan dako. Abin da na hwaɗa miki ranar nan, daga kaina na hwaɗe shi."

Matan da suka kawo casa suna bakin rumfa, sun ji komai. Ɗaya ta ja buhunta ta matsa gefe. Rekiya ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ya so ta zage shi, ko ta ɗaga hannu kamar da. Ba ta yi ba. Ta zare takardar daga hannunsa, ta miƙa wa Mardiyya.

"Ki yahe min, ɗiyata. Zauna ki karanta min ita tun daga bisimilla."

Awa biyu suka yi a kan benci. Mardiyya na karantawa tana fassarawa, Rekiya na tsayar da ita tana tambaya. Ba wanda ya ce wa Ladan ya zauna, ba wanda ya ce ya tafi. Ya tsaya ya ji duka, shafi goma sha takwas.

Da za ta tafi, ya bi Mardiyya har bakin mota ya tambaye ta ko akwai abin da za a iya cetowa. Ta ce ba ta yi alkawari ba. Kwana goma sha huɗu sun wuce tuni, kuma kamfanin da ya sayar wa banki listar ya ba da garanti, amma garantin ya faɗi tunda wani ya kwance ta. Sai dai in za a iya nuna ranar da inji ya tsaya, da ranar da ya tashi, da shaidar cewa ba sakaci ba ne, za ta rubuta ta kai gaba. Karyayyen ƙarfen ma in yana nan, zai yi amfani.

Washegari Ladan bai buɗe shago ba. Ya hau motar Shinkafi. Ya sami Abbati a garejinsa, ya yi masa bayani, ya kuma faɗi dalilin da ya sa ba a sanar da banki ba, don Abbati ya tambaya. Faɗin gaskiyar karo na biyu bai fi na farko sauƙi ba. Abbati ya ce karanshaf ɗin ya sayar wa wani mai tsohon ƙarfe. Suka bi mutumin har bayan kasuwa, suka yi ta tona tarin ƙarafa cikin rana, har Abbati ya ciro gutsure biyu ya haɗa su suka dace. Ya nuna wa Ladan bakin karayar, inda wani ɗan rami ke cikin ƙarfen kamar ƙwayar gero.

"Wannan daga kamhwani ya zo da shi," ya ce. "Ko mai na zinari anka zuba mai, sai ya karye."

Ladan ya fanshi ƙarfen da kuɗinsa, ya sa Abbati ya sa hannu a takardar da wani mai shagon kwamfuta ya buga musu. Ya dawo Kaura ya bi matan da ke kawo casa gida-gida, uku suka yarda su ba da shaidar watannin da rumfa ke rufe. A kowane gida sai an tambaye shi yadda aka yi, a kowane gida sai ya faɗa. Kafin mako ya zagayo labari ya isa Zurmi. Mai shayin kusa da shagonsa ya daina ce masa ya yi musu Larabci, kuma wannan ya fi masa ciwo fiye da a ce dariya aka yi.

Aka kira su Gusau bayan wata ɗaya. Rekiya ta shiga gaban mota, shi yana baya da ƙarfen a buhu tsakanin ƙafafunsa. A ofis akwai manaja, da Mardiyya, da wani dattijon malami mai duba wa bankin al'amuran Shari'a. Malamin ya sa Ladan ya maimaita abin da ya gaya wa yayarsa ranar farko, kalma-kalma. Da ya gama, malamin ya cire tabarau ya ce, "Malam Ladan, da ka ce ban sani ba, da ka ba ta amsa daidai." Ya koma kan takarda.

Hukuncin bai yi tsawo ba. Kuɗin hayar wata uku ba halalin banki ba ne, tunda ba a amfana da inji ba kuma an tabbatar ba sakaci, za a mayar mata, ita kuma ta ce a zuba su a kuɗin shanshera. Wata ukun za a ƙara su a ƙarshen wa'adin haya. Kuɗin gyara kuwa, banki zai biya rabi, don rashin sanarwa ya sa ya rasa garantin da zai ɗauke masa duka. An ɗage mata sadakar jinkiri. Mardiyya ta sami takardar gargaɗi, aka kuma ce daga yau ba wanda zai dangwala yatsa sai an zaunar da shi an karanta masa da Hausa, ko ya so ko ya ƙi.

Da kuɗin suka fito, Ladan ya je wurin mutumin da ya sayi fili, ba da sanin Rekiya ba. Ya tarar an riga an zuba harsashi, bulo ya kai gwiwa. Mutumin ya ba shi ruwa ya sha, ya ce ya yi haƙuri.

Ya biya ta gidan Rekiya ya gaya mata, yana tsugune bakin ƙofar ɗaki. Tana tsince tsakuwa a faifan shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa."

"Hilin ya tahi, Ladan. Na yi kukana na gama." Ta watsar da tsakuwa biyu. "Abin da ban gama ba, shekarun nan duka, duk inda na zauna sai na ce ƙanena, ƙanena. Ka ji ina hwaɗi, ka bar ni."

"Na ji kunya ne, Yaya."

"Kunyar wa? Ni da na wanke maka kashi?"

Ta ci gaba da tsintarta. Can ta ce abinci na kan murhu in zai ci, kuma ya kama hanya kafin la'asar, kar motoci su ƙare. Ya ci kaɗan ya tafi.

Mako biyu ba ta kira ba, shi ma bai iya kira ba. Ran nan da hantsi yana goge kwalaben turare wayar ta yi ƙara. Ta ce ta sayar da sauran shansherar nan da ta tsufa a ɗaki, za ta ɗauko sabuwa daga Shinkafi ranar kasuwa, direban kuma baƙo ne, ba ta san halinsa ba, tana son wanda zai zauna a kan kaya. Ba ta gaishe shi ba, ba ta tambayi iyali ba.

Ya ce yana nan zuwa. Ya tambaye ta buhu nawa ne, ta ce arba'in, ta kashe wayar.